Yadda Ake Kama Tarkon "Kullum" a Tambayar Gaskiya ko Ƙarya

"Salamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Nima, Accra. Tambayoyin gaskiya ko ƙarya suna kayar da ni, alhali na san darasin. Ina matsalar?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sau da yawa kalma ɗaya ce take kayar da mutum: always, never, all, only, none, wato kullum, sam, duka, kaɗai, babu ko ɗaya. Da kin hango ɗaya, ki ja mata layi, ki tsaya.

A ce an rubuta miki da Turanci cewa ruwa kullum yana tafasa a digiri 100. Ido zai ga 100, hannu ya yi saurin rubuta gaskiya. Amma ki tambayi kanki: akwai wuri ko ɗaya da ba haka ba? Akwai. A bakin tekun Accra haka ne, amma a kan dutse mai tsayi iska ba ta danna ruwan sosai, sai ya tafasa tun bai kai 100 ba. Misali ɗaya tak ya rushe jimlar, amsa ƙarya ce. Da an ce usually, ko an ƙara "a daidai matakin teku", da ta tsira.

Sai dai kada ki ɗauka duk jimla mai always ƙarya ce, masu shirya jarrabawa ma sun san wannan dabarar. A lissafi musamman: in ka haɗa lambobi biyu da dukansu mara ne, kullum cika kake samu. Gwada 3 da 5, gwada 7 da 9, ba za ki sami wanda ya saɓa ba, domin kowace mara in an raba ta biyu-biyu tana da ragowar ɗaya, biyun kuma su haɗu su cike. Wannan gaskiya ce, da always ɗinta.