Yadda za a taimaki yaro da aikin gida

Tambaya: "Ni malamar aji uku ce. Me zan rubuta wa iyaye su daina cike wa yara takardar aikin mako?"

Ki ba su misali guda, domin umarni kawai ba ya zama a zuciya. Idan yaro ya rubuta 52 − 27 = 35, ya cire 2 daga 7 ne maimakon ya yi aro, saboda haka uwa ta ba shi tsinken ashana ƙulli biyar na goma-goma da guda biyu, ya kwance ƙulli ɗaya da hannunsa. Ki roƙe su kada su goge kuskuren, tunda da shi kike gane inda ya tsaya. Wanda ya kasa karanta tambayar mako bayan mako, su zo ku duba tare, a kuma gwada idonsa a asibiti.