Yadda za ki rubuta wa ɗan kwangila kan ɓarnar aiki

«Ɗan kwangila ya gama min gida, amma tayil na ƙara, fenti na ɓarewa. Ya zan rubuta masa?»

Hajiya, kafin ki rubuta komai, ki bi ɗakunan da makulli kina ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi amo kamar ganga, siminti bai cika ƙarƙashinsa ba, kuma yana iya tsagewa. Ki sa masa alama da alli, ki ɗauki hoto. A banɗaki ki zuba bokitin ruwa: in ya kwanta maimakon ya bi magudana, gangaren ne bai yi ba. Fenti kuwa, yawanci an shafa shi ne filasta bata bushe ba.

Sai ki rubuta kamar haka: «Malam, a falo tayil 14 ba su kama ba, ruwa na kwanciya a banɗakin babban ɗaki, fentin bangon gabas na ɓarewa. Ina so a gyara da kuɗinka kafin 30 ga wata. In ba a yi ba, zan sa wani ya gyara, in cire daga cikon kuɗinka.»

Don Allah kada ki biya cikon tukuna. Ki ba shi takardar gaban shaida, ya sa hannu a kwafinki.