Bambancin ₦2,700 a gwajin daidaiton asusu

Tambaya: Na kwashe ragowar kowane asusu daga leja, amma ɓangaren zare ya ɗara ɓangaren shiga da ₦2,700. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka sake tattara komai, raba 2,700 da 9. Ya ba ka 300 cif, ko? To ina kyautata zaton lambobi biyu ne suka yi musayar wuri wajen kwafa. Ukun nan na nuna tazarar da ke tsakaninsu, sifili biyun kuma na nuna gurbin ɗari da na dubu ne. Sai ka nemi adadi irin 5,200 da ya koma 2,500, ko 7,400 da ya zama 4,700. Ni kuɗin haya ya taɓa wahalar da ni haka har dare. Idan ragowar duk sun dace da leja, koma littafin kuɗi ka bi shigarwar ɗaya bayan ɗaya.