Na Cika Shafi Huɗu Amma Aka Ba Ni Maki Takwas: Wace Tambaya Zan Zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu a jami'a, sashen Tarihi. A gwajin da ya wuce an tambaye mu kan mulkin Turawa ta hannun sarakuna, na rubuta duk abin da na sani har shafi huɗu, amma aka ba ni 8 cikin 20. A jarrabawa tambaya shida ake ba mu mu amsa uku, wata ta fara da *discuss*, wata *evaluate*, wata *critically analyse*. Wacce ta fi sauƙi in riƙa zaɓa? Kuma akwai kundin tsofaffin tambayoyi da amsoshinsu da ake sayarwa a shagon hoton takardu, in saya? — Wata ɗaliba

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kowace tambayar jarrabawa irin taku ƙafa uku gare ta: kalmar umarni, maudu'i, da iyaka. Maudu'i shi ne abin da ake magana a kai. Iyaka ita ce wuri da zamanin da aka killace miki. Kalmar umarni kuwa ita ke faɗin aikin da za ki yi da abin da kika sani. Ɗalibi yakan hango maudu'i ya ga ya karanta shi, sai ya duƙufa da rubutu bai waiwayi sauran ƙafafu biyun ba. Mai duba takarda yakan ba da ɗan maki na sanin abu, mafi yawan makin kuma ya ajiye shi ga aikin da aka nema. Takwas cikin ashirin a shafi huɗu ya yi kama da makin wadda ta san darasi amma ta amsa tambayar da ba a yi mata ba.

Mu ɗauki maudu'in naki, mu sa masa iyaka: Arewacin Najeriya, 1900 zuwa 1914. Kayan da ke hannunki ɗaya ne ko wace kalma aka sa. Lugga ya zama Babban Kwamishina a 1900, Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, an yi rikicin Satiru a 1906, an haɗe Kudu da Arewa a 1914. Tun daga iyakar nan kin san cewa boren matan Aba na 1929 ba shi da gurbi a amsarki, sai dai a jimla ɗaya ta kwatance. Duk sakin layin da kika ɓata a kansa, komai kyansa, ba maki.

Idan *evaluate* aka ce, awo ake nema da hukunci. Ba a awo sai da mudu, kuma malamin ba zai ba ki mudun ba, ke za ki kawo shi. A ce tambayar ita ce ki auna nasarar wannan tsari. Kafin ki rubuta komai, tambayi kanki: nasara a wurin wa, kuma da me za a gane ta? Turawan abu uku suke so, wato riƙe ƙasa mai faɗi da jami'ai kaɗan, hana tawaye, da samun kuɗin da mulkin zai ciyar da kansa. To ga mudu uku. Ki faɗe su a gabatarwa cikin jimla biyu ko uku, ki kuma faɗi inda kika karkata tun daga nan, kada ki ɓoye hukuncinki sai ƙarshe kamar mai tatsuniya. Sannan kowane mudu ya samu sakin layinsa. Ga yadda na biyun zai iya kasancewa, ki mayar da shi Turanci da kanki:

"Ta fuskar hana tawaye, tsarin ya biya wa Turawa buƙata. A 1906 mutanen Satiru sun kashe jami'an Turawa a kusa da Sakkwato, amma Sarkin Musulmi da manyan sarakuna ba su bi bayansu ba, suka tsaya tare da sabuwar gwamnati. Sai dai sojoji ne suka murƙushe Satiru da kisa mai yawa, don haka ba za a ce biyayyar sarakuna kaɗai ta kawo zaman lafiyar ba."

Dubi yadda aka gina shi. Jimlar farko hukunci ce, ta biyu hujja mai shekara da wuri, ta uku ta rage wa hukuncin kaifi gwargwadon gaskiya. A mudu na uku kuwa awon ba zai cika ba, domin har zuwa 1914 Arewa ba ta iya ɗaukar nauyin kanta, tana karɓar tallafi daga baitulmalin Ingila da gudummawar Kudu, kuma wannan na cikin dalilan haɗewar. Kammalawarki sai ta ce tsarin ya ci nasara a tsaro da ƙarancin ma'aikata, ya gaza a kuɗi, ki kuma faɗi wanne ya fi nauyi a ganinki da dalili. Amsar da ta jera amfani biyar da illa biyar ta tsaya nan, ta kawo kaya kasuwa ne ta tafi ba ta yi ciniki ba.

*Critically analyse* ita ɗalibai suka fi gudu, kuma yawanci rashin fahimta ne. Kalma biyu ce, aiki biyu. Ta biyun tana nufin ki warware abu gida-gida ki nuna yadda sassan ke aiki da juna: naɗin sarki, haraji, kotunan alkalai, hakimai, Razdan da Di'o. Ta farkon kuma ba kushe take nufi ba. Nufinta kada ki karɓi magana don kawai an faɗa, ki tambayi wa ya faɗe ta, me ya dogara da shi, me ya bari bai ambata ba. Abin da littattafan makaranta suka saba cewa shi ne an bar sarakuna suna mulki kamar da, Bature yana ba da shawara daga gefe. Ki ɗora wannan magana a kan hujja ki gani. A jawabin da Lugga ya yi a Sakkwato a Maris na 1903 ya fito fili ya ce ikon naɗa sarki da tuɓe shi da ikon aza haraji sun koma hannun Turawa. A Kano an kama Sarki Alu aka naɗa Abbas. A Katsina an tuɓe Yero aka kawo Dikko, wanda ba daga gidan da ke sarauta ya fito ba. Hakiman da a da suke zaune a birni aka tura su gundumomi, aka kafa baitulmali, sarki ya koma mai albashi. To wanda wani ke naɗawa, ya tuɓe, ya yanka masa albashi, yaya girman ikon da ya rage masa? Wannan tambayar ita ce zuciyar amsar. Ki ƙara da cewa yawancin yabon da ake wa tsarin daga rahotannin jami'an da suka gina shi ya fito, mutum kuwa ba ya zama shaida a shari'ar kansa. Amma adalci ya sa ki kawo ɗaya gefen: sarakuna da alkalai da hakimai su talaka ke gani kullum, Bature ba ya iya sanin abin da ke faruwa a ƙauye sai ta bakinsu, kuma wannan ma iko ne ba ƙarami ba.

*Discuss* ita ce mai faɗin ƙofa, shi ya sa take yaudara. Ana so ki kawo fuskokin batun fiye da ɗaya, ki sa su fuskanci juna, ki ƙare da matsaya. Ba ta tilasta miki kawo mudu ba, ba ta kuma tilasta miki binciken masu magana ba, amma ba izinin juye buhu ba ce. In an kawo wata magana cikin alamar zance aka ce ki tattauna ta, to maganar nan za ki tattauna, ba maudu'in gaba ɗaya ba. Ki ja layi a ƙarƙashin kalma mafi ƙarfi a cikinta, irin "kaɗai" ko "babban dalili", domin nan gardamar take.

Yanzu ga batun zaɓi. Kada ki zaɓa da kalmar umarni, kada kuma ki zaɓa da maudu'i kawai. In jarrabawar ta awa biyu ce, ware minti goma na farko ki gwada tambayoyin a bayan takardar amsa. Ga kowace wadda kike sha'awa, rubuta matsayarki a jimla ɗaya, sannan hujja uku masu suna ko shekara, sannan hujja ɗaya da ke adawa da ke. Wadda kika kasa samo mata hujjar adawa, ki bar ta ko da kin haddace babin, don labari za ki ɓuge da bayarwa. In biyu suka yi kunnen doki, ni zan ce ki ɗauki *evaluate*, saboda da zarar kin samu mudunki tsarin amsar ya gama fitowa, kuma da wuya ki ɓace. Sauran lokacin ki raba minti talatin da biyar-biyar ga tambaya uku, biyar na ƙarshe na dubawa. Kuma ki kalli makin da ke gefen tambaya. *Discuss* mai maki biyar sakin layi biyu take so, ba gabatarwa da kammalawa ba.

Akwai gwajin da za ki yi wa takardar nan mai maki takwas yau da dare. Karanta jimlar farko ta kowane sakin layi kaɗai. In kika ji suna farawa da "a shekara kaza", "bayan haka", "daga nan sai", to tarihin kika ba da labarinsa. In suna farawa da da'awar da wani zai iya musawa, kina kan hanya. Sannan ki ƙirga sau nawa kika rubuta kalmomin da ke ɗaukar ma'anar "saboda", "sai dai" da "wannan ya nuna". Shafi huɗu babu ko ɗaya, kin gano inda maki goma sha biyun suka tafi. Ki kai wa malamin takardar a lokacin da yake ganin ɗalibai, ki tambaye shi abin da yake nufi da kowace kalma, domin malamai suna ɗan bambanta, wani yana ɗaukar *assess* da *evaluate* abu ɗaya, wani yana so a ambaci masana da sunansu kafin ya yarda an yi nazari.

Kundin kuwa, tambayoyin ne ke da amfani, ba amsoshin ba. Fara dubawa a laburare ko ofishin sashenku ko wurin 'yan aji uku, sau da yawa ana samun tsofaffin takardun ba tare da an biya komai ba sai kuɗin hoto. In babu, ki saya, amma ki buɗe kafin ki biya ki tabbata akwai lambar kwas da shekara a kan kowace takarda. Amsoshin da ke ciki galibi ba a san wanda ya rubuta su ba, kuma kowace an rubuta ta ne don kalmar umarni ɗaya. Malami ya canza kalmar ya bar maudu'in, haddar ta tashi a banza, ga kuma mutum talatin sun kawo masa amsa iri ɗaya. Abin da za ki yi da kundin shi ne ki ɗauki tambaya ɗaya, ki sauya mata kalmar umarni sau uku, ki tsara wa kowace amsa a rabin shafi cikin minti biyar, kina duba agogo. Ki yi haka da maudu'i biyu a mako har jarrabawa ta zo. Allah ya ba da sa'a.