Kalma ɗaya, ma'ana daban-daban: Sifaniyancin Madrid da na Bogota

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyon Sifaniyanci a wurin wata malama 'yar Madrid, kuma wata mai zuwa zan tafi Bogota, babban birnin Kolombiya, wani taro na aiki. Da na yi hira da abokin aikina ɗan Meziko sai ya ce wasu kalmomin da na koya kada in kuskura in furta su a ƙasarsu. Shin ba harshe ɗaya ba ne? Me ke kawo wannan, kuma ya zan kiyaye?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Harshe ɗaya ne, kuma abokin naka gaskiya ya faɗa maka. Na daɗe ina aikin girki a wani gidan abinci a Madrid tare da 'yan Kolombiya da 'yan Ikwado da 'yan Jamhuriyar Dominika, daga baya kuma na zauna a Bogota, saboda haka abin da zan gaya maka a kunne na same shi.

Da farko ka raba bambancin gida biyu, domin ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai inda abu ɗaya ne amma kowace ƙasa da sunan da take kiransa. Gyaɗa *cacahuete* ce a Sifaniya, *cacahuate* a Meziko, *maní* a Kyuba da Kolombiya da Ajantina. Wayar hannu *móvil* ce a Madrid, *celular* a kusan duk Latin Amurka. Wannan kada ya hana ka barci. Idan ka faɗi kalmar da ba tasu ba, ko su gane ka, ko su tambaye ka, magana ta ƙare. Wanda ke cin mutum shi ne na biyu: kalmar ka san ta, shi ma ya san ta, amma abin da kake nufi daban, abin da ya ji daban. Babu wanda zai tsaya tambaya, domin kowa na ganin ya fahimta. Kamar dai Bakano ya ji mai kaya a kasuwar Maraɗi ya ce "dala ashirin", ya ɗauka kuɗin Amurka ake nufi, alhali sefa ɗari ce kawai.

Tunda Bogota za ka je, bari mu bi safiyarka ta farko a can. Kana shiga ofis za a ce maka: *¿Le provoca un tinto?* Da Sifaniyancin malamarka, *provocar* tsokana ce ko haddasa wani abu, *tinto* kuma jar giya ce ta inabi. Sai ka ga kamar da sassafe ana yi wa musulmi tayin barasa. A Kolombiya *tinto* baƙin kofi ne mara madara a ƙaramin kofin shayi, *provocar* kuma sha'awar abu ce. Cewa aka yi, "Ko za ka sha kofi?" Ka karɓa abinka. Asalin *tinto* shi ne abin da ya rine ya yi duhu. Mutanen Sifaniya suna cewa *vino tinto*, da yawan faɗa sai suka yar da *vino*. 'Yan Kolombiya, masu noman kofi, suka yar da *café*. Kowa ya ajiye siffar, ya jefar da sunan abin da ya fi sha, domin a garinsu ba ya buƙatar faɗa. Ka kula da komawa: in ka biyo ta Madrid ka ce a ba ka *tinto*, giya za a kawo maka ba tare da wata tambaya ba.

Ka gama cin abinci, mai karɓar kuɗi ta ce: *¿Va a cancelar en efectivo?* Kai a saninka *cancelar* soke abu ne, sai ka yi zaton tana tambaya ko ka fasa. A Kolombiya da Benezuwela da Peru da Chile *cancelar* biyan kuɗi ne. Tambayarka take ko da tsabar kuɗi za ka biya. Ma'anar ta fito ne daga soke bashi: wanda ya biya, an soke abin da ake binsa. A harkar kasuwanci wannan ba wasa ba ce. Idan ɗan Bogota ya rubuto maka *ya cancelé la factura*, ya biya ke nan. Ɗan Madrid da ya karanta wannan layi zai iya ɗauka an soke takardar. In kuɗi ne a tsakani, ni ban yarda da *cancelar* ba ko kaɗan. Sai in mayar da tambaya da *pagar* (biya) ko *anular* (sokewa), waɗanda ba su da fuska biyu a ko'ina.

Za ka kuma ji *qué pena* sau da yawa a yini. A Sifaniya *pena* baƙin ciki ne ko tausayi, *qué pena* na nufin "kaico". A Kolombiya da Meziko da Benezuwela *pena* kunya ce, kuma ɗan Bogota in ya ce *qué pena con usted*, haƙuri yake ba ka don ya taka ka ko ya sa ka jira. Haka in ka ji wani ya ce wa mai shago *¿me regala un agua?*, ba kyauta yake roƙo ba ko da yake *regalar* ba da kyauta ne. Ladabin sayayya ne a can, zai biya.

Kalmar da abokinka ɗan Meziko yake nufi kuwa, na tabbata *coger* ce. A Sifaniya ba a minti biyar ba a faɗe ta ba: a ɗauki waya, a kama tasi, a hau jirgi, duk *coger*. A Meziko da Ajantina da Yurugai da Benezuwela kalmar batsa ce ta kwanciya da mace. A Kolombiya da Kyuba ana amfani da ita yadda ake yi a Madrid, saboda haka a Bogota ba za ta ja maka komai ba, sai dai taro ne za ka je, ba ka san ɗan ina ne ke gefenka ba. Ka saba wa bakinka da *tomar* wajen hawa mota, da *agarrar* wajen kama abu. Abin da ke faruwa da irin waɗannan kalmomi shi ne, da zarar ma'anar batsa ta yi ƙarfi a wata ƙasa, mutane sai su guje wa kalmar gaba ɗaya don kunya, har ta wayi gari ba ta da sauran aiki sai wannan. Haka *concha* ta zama: ɓawon dodon koɗi ce, a Meziko sunan wani burodi mai zaƙi, a Sifaniya laƙabin mata masu suna Concepción, a Ajantina kuma zagi ne mai nauyi. *Escoger* da *recoger* ba ruwansu, ka faɗe su a ko'ina.

Dalilin duk wannan tarihi ne. Harshen ya tsallaka teku daga 1492, ya tarar da mutane da harsunansu da abincinsu. A tsibiran Karibiyan ya haɗu da Taino, daga nan *maní* da *maíz* suka fito. A Meziko, bayan faɗuwar Tenochtitlan, babban birnin daular Aztek, a 1521, ya zauna da Nahuwatal, wanda ya ba da *cacahuate* da *aguacate*. A tsaunukan Andis ya tarar da Kecuwa, shi ya sa abin da ɗan Meziko ke kira *aguacate*, wato fiya, ɗan Peru da ɗan Chile ke ce masa *palta*. Wani lokaci kalmar gida kan yi karo da wata mai kama da ita daga wani wuri. *Guagua* a Kyuba da Jamhuriyar Dominika da tsibiran Kanari motar bas ce. A Ikwado da Boliviya da Chile jinjiri ne, daga *wawa* ta Kecuwa. A kicin ɗinmu wani ɗan Dominika ya taɓa cewa ya makara ne domin *la guagua* ta lalace a hanya, wata 'yar Ikwado ta saki wuƙa ta dafe ƙirji.

Sai kuma rabuwa. Tsakanin 1810 da 1825 yawancin ƙasashen suka ɓalle daga Sifaniya, Kyuba da Puerto Rico suka kai har 1898. Duk abin da aka ƙirƙiro bayan nan, mota da bas da kwamfuta, kowace ƙasa ita ta raɗa masa suna daga tsofaffin kalmomin da ke hannunta, ba tare da shawartar maƙwabta ba. Ɗan Meziko ya kira bas ɗin cikin gari *camión*, wadda a Madrid babbar motar kaya ce. Ɗan Buenos Aires ya ce *colectivo*, ɗan Santiago ya ce *micro*. Motar hawa *coche* ce a Sifaniya, *carro* a Kolombiya, alhali *carro* a Sifaniya amalanke ce ko keken tura kaya a kanti. Shi ya sa rikicin ya fi taruwa a abinci da sufuri da tufafi da zagi. Harshen jarida da na kwangila da na lacca kusan ɗaya ne daga Madrid har Lima, don haka cikin zauren taron ba za ka sha wahala ba. A titi da wurin cin abinci za ka gane bambancin.

A abincin ma akwai wadda nake so ka riƙe sosai saboda addini: *manteca*. A Ajantina da Yurugai man shanu ne. A Sifaniya da Meziko, in an ce *manteca* a girki, galibi kitsen alade ne, man shanu kuwa *mantequilla*. Kada ka dogara da sunan. Ka tambaya kai tsaye, *¿lleva cerdo?*, wato "akwai alade a ciki?". *Torta* ma haka: kek ce a Bogota da Buenos Aires, a Meziko burodi ne da aka tsaga aka cusa nama, sau da yawa na alade.

Akwai wata 'yar ƙaramar kalma da littattafan koyo ba su cika ambata ba, kuma tana sa mutum ya rasa ganawa: *hasta*, wato "har". Ɗan Madrid in ya ce *abre hasta las nueve*, shago a buɗe yake har ƙarfe tara. Ɗan Meziko, da 'yan Kolombiya da yawa, za su iya faɗin wannan jimla suna nufin ba ya buɗewa sai ƙarfe tara. Maganinta ka tambaya biyu: *¿a qué hora abre?* da *¿a qué hora cierra?*, wato ƙarfe nawa ake buɗewa, ƙarfe nawa ake rufewa.

Wajen bincike, ƙamus ɗin Real Academia Española, cibiyar kula da harshen a Sifaniya, yana kan intanet kyauta a dle.rae.es. Kada ka tsaya a ma'anar farko. Ka gangara ƙasa, za ka ga an sa taƙaitattun sunayen ƙasashe gaban wasu ma'anoni, kamar `Col.` da `Méx.` da `Arg.`, da kuma `vulg.` ko `malson.` ga na batsa. Wanda ya fi shi zurfi a wannan fanni shi ne *Diccionario de americanismos*, wanda ƙungiyar cibiyoyin harshen, ASALE, ta fitar a 2010, shi ma yana kan intanet. Kafin ka tashi, ka rubuta kalmomin da za ka buƙata a tasi da otal da wurin cin abinci, ka duba kowacce ka ga me aka rubuta gaban `Co`, wanda shi ne alamar Kolombiya a wannan ƙamus ɗin. Allah ya kai ka lafiya.