Idona na gajiya da karatun kod: salon haruffa zan saya?

Tambaya: Malam, ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne ni a Zariya. Nakan daɗe ina karanta kod a VS Code, kafin dare idona ya fara yaji. Abokaina sun ce in sayi salon haruffa mai kyau, in kunna abin da ke haɗe alamomi. Wanne zan zaɓa, kuma da gaske yana taimakawa?

Amsa: Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka. JetBrains Mono da ya fito a 2020, da Cascadia Code na Microsoft, da Fira Code duk kyauta ake sauke su, kuma ba ka buƙatar abin da ya fi su. Dukansu masu faɗi ɗaya ne, wato i da m fili ɗaya suke ci, shi ya sa layukan kod ke tsayuwa a jere.

Kafin ka zaɓa, ka buɗe sabon fayil ka rubuta wannan:

```
0O 1lI| rn m ;: {[(
ɓ ɗ ƙ ƴ Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ
b d k y B D K Y
```

Layin farko gwajin ruɗani ne. Idan sai ka matso kusa da sikirin kafin ka bambanta sifili da O, ko 1 da l, ka bar wannan salon komai kyansa. Layi biyu na ƙasa kuwa namu ne, masu sa Hausa a cikin kod. Ba kowane salo ke da haruffa masu lanƙwasa ba. In babu su, manhajar ba za ta yi maka ƙorafi ba, sai ta aro su daga wani salon a ɓoye. Za ka gane haka idan ƙ ta fi maƙwabtanta kauri ko siranta, ko kuma layi na biyu bai ƙare daidai saman na uku ba. Maganinsa shi ne ka ajiye Noto Sans Mono a matsayin na biyu, don aron ya fito daga mai faɗi ɗaya.

Amma ni a ganina, yajin idon ya fi alaƙa da girman rubutu da tazarar da ke tsakanin layuka. A Windows, VS Code yana farawa da girma 14, kowane layi kuma yana cin fiksel 19. Ga mai leƙawa ya wuce wannan ya isa. Ga mai karatun sa'o'i kuwa layukan sun matsu, musamman da JetBrains Mono, wanda ƙananan haruffansa dogaye ne, suna cinye farin filin da ido ke bi ya koma farkon layi na gaba. Alamar matsin ita ce ka tsinci kanka kana maimaita layin da ka gama, ko kana tsallake ɗaya. Gwada wannan a `settings.json`:

```json
"editor.fontFamily": "'JetBrains Mono', 'Noto Sans Mono', monospace",
"editor.fontSize": 15,
"editor.lineHeight": 1.6,
"editor.fontLigatures": false
```

Lambar `lineHeight` in ta gaza 8, ninka ta ake yi da girman rubutu, don haka 15 sau 1.6 ya ba ka fiksel 24. In ta kai 8 ko ta wuce, fiksel ne kai tsaye, saboda haka wanda ya rubuta 10 zai ga layuka sun hau kan juna. Sai dai tazarar tana da farashi. A ce filin da kod ke bayyana a kwamfutarka fiksel 600 ne daga sama zuwa ƙasa: a da kana ganin layi 31, yanzu 25. Idan hakan ya sa kana ta gungurawa sama da ƙasa, ka sauko zuwa 1.5. Fiye da 1.8 kuma layukan da suke abu ɗaya sukan fara kama da waɗanda ba su da dangantaka.

Batun haɗe alamomi da gangan na bar shi a kashe. In ka kunna, `!=` zai bayyana kamar ≠, `>=` kamar ≥, `=>` kuma ya zama kibiya guda. A sikirin kawai hakan ke faruwa, abin da ke cikin fayil bai canza ba. Wanda ya goge yakan ji daɗinsa, amma kai da kake koyo, gara idonka ya saba da ainihin abin da yatsunka ke bugawa. A JavaScript, `==` da `===` ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma ƙirga alamun ya fi sauƙi idan suna rarrabe. Nan gaba in ka so, ka mayar da `false` zuwa `true`. Idan ba ka ga canji ba, ka duba ko ka yi kuskure a sunan salon, ko kuwa JetBrains Mono NL ko Cascadia Mono ne ka girka, domin waɗannan biyun an cire musu haɗin tun asali. Bayan girka sabon salo kuma, sai ka rufe VS Code ka sake buɗewa kafin ya gan shi.

Ka canza abu ɗaya a lokaci guda, ka fara da tazara, ka ba shi kwana biyu ko uku. Idan yajin bai ragu ba, ko ciwon kai ya biyo baya, ka je asibitin ido a auna ka.