Karena na gadi yana tsoron tsawa: wanne zan saya, riga, magani ko sifika?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kare mai gadi a gidana da ke Hotoro, shekararsa uku. Da zarar hadari ya haɗo sai ya kama karkarwa, tsawa na faɗuwa ya riƙa fizgar sarƙa har wuyansa ya saɓule. Ko ƙarar bindigar biki haka yake yi. Na ga rigar matse jikin kare ana tallarta a intanet, wani ya ce in sayi ƙwayar barci a shagon maganin dabbobi, wani kuma ya ce sifika zan saya in riƙa kunna masa ƙarar tsawa. Wanne ya fi dacewa in sa kuɗina? Daga wani magidanci, Hotoro.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka sayi sifikar. Amma kafin ka je kasuwa, ka kwance sarƙar nan duk ranar da ka ga gabas ta yi baƙi. Karen da ya firgita ba ya jin zafin wuyansa, kuma yana iya shaƙe kansa ko ya haura katanga sarƙa ta riƙe shi a rataye. Ka ba shi wurin ɓuya mai bangon bulo, kamar lungun gareji ko sito, a shimfiɗa buhu a bar ƙofa a buɗe. Kejin da aka rufa da kwano shi ne wuri mafi muni, domin ruwa yana dukan kwanon kamar ganga a saman kansa. In ya riga ya zaɓi wani lungu da kansa, a bar masa shi.

Rigar matse jiki ba ta cutarwa, wasu karnuka suna ɗan lafawa da ita, amma ba ta koya wa kare komai, kuma hujjar amfaninta ba ta da ƙarfi. Ga zafin Kano kafin ruwa ya sauko. Ni ba zan fara da ita ba. Ƙwayar barci kuwa ina roƙonka kada ka saya da kanka. Akwai wadda aka daɗe ana ba karnuka, asefromazin, tana kashe jiki amma tsoron yana nan daram, har ma tana iya ƙara wa kunne jin ƙara. Sai ka ga kare kwance ka ɗauka ya samu sauƙi, alhali ya kasa gudu ne kawai. Akwai magungunan da ke rage fargabar kanta, amma likitan dabbobi ne zai auna nauyin karen ya rubuta, ya kuma sa a gwada a ranar da babu hadari. In za ka gan shi, ka ce ya duba gaɓoɓi da kunnuwa. Karen da tsoron ƙara ya fara masa bayan ya girma, sau da yawa akwai ciwo a jikinsa: ƙara ta sa ya zabura, zaburar ta taɓa ciwon, sai ya haɗa biyun.

Aikin sifika shi ne saba wa kare da ƙarar a hankali, tun daga matakin da bai isa ya tsorata shi ba, ana haɗa ta da abin da yake so. Wayar hannu ita kaɗai ba za ta yi ba, domin ba ta fitar da rugugin nan mai nauyi da ake ji a ƙirji, kuma shi ne ke tayar wa kare da hankali. Nemi sifika mai bulutut wadda ke da kauri a sauti, ba sai babba ba. Sauke faifan tsawa kala uku ko huɗu da na harbin bindiga.

Lokaci ma yana da muhimmanci ƙwarai. Daga Nuwamba zuwa Afrilu da wuya a ga hadari a Kano, wata shida ke nan a hannunka. In ka fara a Agusta, tsawar gaske guda ɗaya cikin dare za ta rushe aikin mako biyu.

Ga yadda zaman farko zai kasance. Ka zo da yamma kafin ya ci abinci, da dafaffen nama ko hanta da aka yanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, guda ashirin zuwa talatin, babu yaji babu albasa. Kada a ba shi kilishi ko tsire, albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Ajiye sifikar kamar taku goma daga inda yake, ka sa sautin a mataki na farko, wanda kai kanka da kyar kake ji. Kunnensa ya fi naka nesa ba kusa ba. Rugugi ya tashi, sai ka jefa masa yanka ɗaya. Ya sake tashi, ka sake jefawa. Ka kashe sautin, nama ya tsaya. Wannan jerin shi ne zuciyar aikin: ƙara ce ke fara zuwa, nama ya biyo baya, har karen ya gane cewa rugugi bushara ce. In naman ya riga ƙarar, sai ya koyi akasin haka, ya fara zargin naman. Minti biyar ya isa, sau ɗaya ko biyu a rana.

Abin da kake so ka gani shi ne ya ɗaga kunne, ya waiga, sannan ya dube ka yana jiran rabonsa. In ya yi haka zama uku a jere, ƙara mataki ɗaya kacal. In kuwa ya fara hamma ba barci yake ji ba, ko lasar baki, ko haki alhali ana sanyin hunturu, ko kunnuwa suka kwanta baya wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, to alama ce ka ƙara sautin da wuri. Alama mafi bayyana ita ce ya ƙi naman, ko ya fizge shi da ƙarfi ba kamar yadda ya saba ba. A ce ka kai mataki na shida a mako na uku sai ya ƙi ci: kashe sautin, ka bar shi ya huta, gobe ka koma mataki na huɗu ka yi kwana uku a nan. Komawa baya cikin aikin take. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ƙure sauti wai don ya saba dole, ko yaran gida su ɗauki sifikar su mai da abin wasa. Wannan ƙara tsoron yake yi, don haka ka riƙe sifikar a hannunka, ka kuma yi wa mai gadi bayani.

Bayan ya jure sauti mai ƙarfi a wuri ɗaya, sauya faifan, sauya wurin, ka gwada da dare, kuma kowane sauyi ka rage sautin tukuna. Ka sa ran wata biyu zuwa uku, wani karen ya fi haka.

Gaskiyar da zan faɗa maka ita ce wannan hanya ta fi cin nasara a kan bindiga da nokawut fiye da tsawa. Sifika ba ta kawo guguwar da ke gaban ruwa, da walƙiya, da ƙamshin ƙasa, da sauyin iska da kare ke ji tun kafin mu ga gajimare. Saboda haka hadarin farko a Mayu ko Yuni zai iya sake kaɗa shi, ko da bai kai na bara ba. Ranar ka kai shi maɓoyarsa da wuri, ka kunna rediyo, ka riƙa jefa nama bayan kowace tsawa in yana karɓa. Kada a daka masa tsawa ko a doke shi, kuma tsayawarka kusa da shi kana magana a natse ba ta ƙara masa tsoro. In har yanzu yana ji wa kansa rauni ko ya ƙi ci har ruwa ya ɗauke, koma wurin likita a haɗa masa da magani na daminar, ka ci gaba da sifikar idan kaka ta yi.